Yadda Ake Tsara Ɗakin Aladu Mai Shan Iska da Sauƙin Wanki, da Aikin da Waya Za Ta Yi a Ciki

Duk wanda ya leƙa ɗakin aladu da tsakar rana a watan Maris ya tarar da su sun yi birgima cikin kashinsu da fitsarinsu, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne dabbar ce ƙazama. Masu kiwon da suka daɗe a harkar sun san ba haka ba ne. Alade yana da wurin kwana daban, wurin ba-haya daban, kuma yana kiyaye wannan tsari muddin jikinsa na jin daɗi. Zafi ne ke rusa shi. Jikin alade ba ya fitar da gumin da zai sanyaya shi kamar na mutum ko na doki, ga kitse a ƙarƙashin fata, ga huhu ƙarami idan aka kwatanta da girman jiki. Idan zafi ya matsa masa, dabara biyu kawai gare shi: ya yi haki, ko ya jiƙa fatarsa da duk wani danshi da ya samu. In babu ruwa mai tsabta, fitsari ma ya ishe shi.

Saboda haka sanyi da tsabta matsala ɗaya ce a wannan gini. Ɗakin da ya yi zafi dole ya yi datti, kuma ɗakin da ya yi datti yana tara danshi da warin amoniya da ke ƙara wa dabbar wahalar numfashi.

Kiwon alade sana'a ce ta al'ummomin da addininsu bai hana su ba, irin na kudancin Kaduna, Filato, Nasarawa, Binuwai, kudancin Gombe da yankin Numan a Adamawa, inda Hausa ce harshen ciniki a wurare da dama. Kasuwar aladu ta Katsit da ke gefen Kafanchan tana cikin mafi girma a Najeriya, kuma matasa da yawa a yankin sukan fara da ɗaki ɗaya ko biyu a bayan gida. Da irin wannan matashi za a yi misali a nan: mai fili a wajen Kafanchan, yana son ajiye aladu 40 na kiwatawa har kowanne ya kai kilo 90 zuwa 100.

Lambobin da ginin ke ƙoƙarin cimmawa

Babban alade ya fi sakewa idan zafin wuri yana tsakanin digiri 18 zuwa 24. Daga 27 zuwa sama yakan fara rage cin abinci, domin narkar da abinci ma yana haifar da zafi a jiki, kuma aladen da ya rage ci ya rage girma. A yankin Kafanchan rana kan kai wajen digiri 35 a bazara, a Numan kuwa tana wuce 40. Ginin da babu na'urar sanyaya iska ba zai sauko da 35 zuwa 22 ba, kada wani magini ya yi wannan alkawari. Abin da gini mai kyau zai iya shi ne hana cikin ɗaki ya fi inuwar bishiya zafi, ya bar iska ta riƙa ratsa jikin dabbobin, sannan ya ba da damar jiƙa su ba tare da wurin ya zama kududdufi ba.

Fuska: aikin farko na waya

Kafin a haƙa tushe, a buɗe manhajar Compass a waya. A nisanci mota, rodi da tulin kwano, saboda ƙarfe yana karkatar da ita, sannan a juya wayar a iska kamar ana zana lamba 8 domin ta daidaita. A kafa turaku biyu, ɗaya a gabas ɗaya a yamma, a ɗaura igiya. Tsawon ginin zai bi wannan igiya.

Dalili shi ne rana tana tafiya daga gabas zuwa yamma. Idan doron rufi ya bi hanyarta, yawancin yini a kan rufi take, dogayen ɓangarorin nan biyu na kudu da arewa da za a bari a buɗe suna cikin inuwa. Idan aka juya ginin ya miƙe daga kudu zuwa arewa, ranar safe za ta shigo ta wannan gefe, ta la'asar ta shigo ta wancan, kuma ta la'asar ɗin ce mai illa domin ta tarar da daɓe ya riga ya ɗau zafi. Fararen aladun nan na zamani har ƙunar rana suke yi, fatarsu ta yi ja ta saɓule. Gajerun bangon gabas da yamma su ne za a ɗaga sama sosai, ko a dasa bishiya mai inuwa ta yamma.

Wurin kansa ya zama tudu-tudu, kada ya manne da katanga ko wani gini da zai tare iska. A ba shi tazarar aƙalla mita 30 daga rijiya, kuma ta ƙasan gangare. A yi la'akari da maƙwabta: iskar damina daga kudu maso yamma take zuwa, don haka gidan da ke arewa maso gabas da ɗakin shi zai sha wari. A unguwar da Musulmi da Kirista ke zaune tare, nisantar da ɗakin daga gidaje da hana dabba ko ruwan wanki fita waje wani ɓangare ne na tsarin ginin, ba abin da za a bari sai an kawo ƙara ba.

Girman ɗaki

Aladen da zai kai kilo 100 yana buƙatar kusan murabba'in mita 1 a ƙasa mai sanyi. A ƙasar zafi a ba shi 1.2, saboda idan ya ji zafi miƙewa yake yi a gefe ɗaya, ƙafafu a baje, ba ya son jikin ɗan'uwansa ya taɓa shi. Aladu 10 ke nan za su ci murabba'in mita 12, wato ɗaki mai faɗin mita 3 da zurfin mita 4. Matashin misalin yana buƙatar irinsa huɗu a jere: tsawo mita 12. A gefen arewa a bar hanya mai faɗin mita 1.2 da baro zai bi da abinci. Jimillar faɗin gini mita 5.2.

Layi ɗaya ya fi layi biyu shan iska. Wanda fili ya tilasta masa yin layi biyu da hanya a tsakiya, kada faɗin ya wuce mita 9 zuwa 10, in ba haka ba iska za ta mutu kafin ta kai tsakiya.

An zaɓi ɗaki mai zurfi maimakon mai kusurwa huɗu daidai da gangan. Zurfin ne ke ba dabbar damar raba wurin gida biyu. Gefen hanya, inda kwamin abinci yake, shi ne wurin kwana: busasshe, cikin inuwa. Gefen kudu, kimanin mita 1.2 na ƙarshe, shi ne wurin ba-haya, kuma nan za a sa ruwan sha. Alade yakan yi kashi a inda ke da danshi, nesa da abincinsa, musamman inda yake hango aladun ɗakin da ke kusa. Don haka bangon da ya raba ɗaki da ɗaki ya zama na bulo a wurin kwana, amma na sandunan ƙarfe a wurin ba-haya. Ranar da za a zuba sababbin aladu, a jiƙa wannan kusurwa a ajiye ɗan kashi a can, a watsa abinci kaɗan a wurin kwana. Galibi cikin kwana biyu sun gane.

Bango gajere, rufi dogo

Kuskuren da aka fi yi shi ne gina ɗakin aladu kamar ɗakin mutane: bulo har sama, 'yar taga, kwano a kan kai. Wannan tanda ce. Bango mita 1 ya isa tsare aladen kiwatawa, na babban namiji a kai shi 1.2 ko fiye. Daga nan zuwa rufi a bar shi a buɗe, sai ginshiƙai, sai ragar waya idan ana son hana tsuntsaye. A bangon kudu ma ana iya amfani da bulo mai ramuka ko sanduna a wani sashe, domin alade a ƙasa yake kwance, iskar da ke wucewa sama da bango ba ta taɓa shi sosai.

Bakin rufi ya kasance mita 2.5 daga daɓe, doronsa wajen mita 3.8. Kwanon da rana ta gasa yana feso zafi ƙasa kamar garwashi, kuma gwargwadon nisansa da bayan dabba gwargwadon sauƙin da take samu. A doron kada a rufe ruf. A bar tsaga mai faɗin santimita 20 zuwa 30 a tsawon ginin, a ɗora mata ƙaramin rufi a sama kamar hula, da tazara ta ɓangarorin biyu. Iska mai zafi sama take tashi. Idan ta samu mafita a can, sai ta jawo sabuwa ta gefe ko da babu kaɗawar iska a waje.

Rufi ya zarce bango da mita 1. Ga lissafin da ya sa: Kafanchan tana wajen digiri 9.6 arewa da tsakiyar duniya, kuma a ƙarshen Disamba, lokacin da rana ta fi karkata kudu, tsayinta da tsakar rana kusan digiri 57 ne. A wannan kusurwa, zarcewar mita 1 tana jefa inuwar da ta sauko kusan mita 1.5 daga bakin rufi. A cire 1.5 daga 2.5, saura mita 1, daidai tsayin bango. Ke nan inda inuwar rufi ta ƙare, nan bango ya karɓa. Zarcewar tana kuma rage feshin ruwan sama.

Jinka ta fi kwano sanyi nesa ba kusa ba, sai dai gobara, ɓeraye da sauyawa duk bayan 'yan shekaru. Wanda ya zaɓi kwano ya shafa wa bayansa farin fenti, ya shimfiɗa zana ko asabari a ƙarƙashinsa da ɗan tazara. Kada shimfiɗar ta toshe tsagar doro.

Daɓe: nan kuɗin yake, nan kuma ake ɓata shi

Rufin da bai yi ba ana iya gyara shi daga baya. Daɓen da bai yi ba sai dai a fasa.

A daddanne ƙasa sosai, a zuba kankare mai kaurin santimita 8 zuwa 10: awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Rage siminti ba tattali ba ne a nan, saboda fitsari da ragowar abinci suna cin daɓe, kuma alade da ya samu 'yar kafa zai sa hanci ya yi ta tono har ta zama rami. A riƙa jiƙa sabon daɓen na aƙalla mako guda kafin ya bushe.

Gangaren ya zama santimita 3 a kowace mita, daga gefen hanya zuwa kudu. A zurfin mita 4, bakin kudu zai yi ƙasa da na arewa da santimita 12. Ƙasa da santimita 2 a mita ruwa kan kwanta. Sama da 4 ko 5 kuma manyan aladu suna zamewa su ji ciwo a ƙafa. Birkila zai fitar da wannan da siririn tiyo mai ruwa a ciki, wanda ya fi kowace manhaja daidaito a nisa. Wayar tana da amfani wajen bin diddigi: a ɗora ta a kan miƙaƙƙen katako mai tsawon mita biyu, a buɗe ma'aunin da ke cikin Measure a iPhone, ko a nemi bubble level a Play Store. Santimita 3 a mita kusan digiri 1.7 ne, don haka manhajar da ke nuna cikakkun lambobi kawai za ta ce 2. A cire rigar wayar, kuma a lura da tudun kyamara, yana iya ƙara digiri guda na ƙarya. Ɗora ta a gefenta ya fi. Kafin a biya cikon kuɗin aiki, a watsa bokitin ruwa daga sama a tsaya a kalla. Duk inda ruwa ya tsaya bayan minti biyar, nan fitsari zai riƙa kwana.

Fuskar daɓen a gama ta da katako, ba da cokalin ƙarfe ba. Ƙarfe yana sa santsi kamar tayil, katako yana barin ɗan kaushi da kofato zai kama. Kaushin da ya yi yawa kuma yana goge gwiwa da kan nono. Gwaji mai sauƙi shi ne a goga dunƙulen hannu a kai: in ya ƙuje fata, zai ƙuje ta alade. Inda bango ya haɗu da daɓe a cike kusurwar da siminti ta yi lanƙwasa, domin tsintsiya ba ta shiga kusurwa mai kaifi. Bangon ma a yi masa filasta mai santsi.

Kwata ta bi bayan bangon kudu, a waje, faɗin santimita 30, buɗaɗɗiya, ƙasanta a lanƙwashe, da gangaren santimita 2 a mita. A tsawon mita 12 ƙarshenta zai yi ƙasa da farkonta da santimita 24. Kowane ɗaki da kafarsa da ke zubawa kai tsaye cikinta. Kada ruwan wani ɗaki ya ratsa ta cikin wani, wannan hanya ce ta raba cuta da tsutsar ciki ga garke duka. Bututun da aka binne yana da kyan gani amma toshewa yake yi, kuma ba a sanin inda ya toshe. Kwatar ta ƙare a rami mai ɗaki biyu: na farko dusa da kashi su kwanta, ruwan ya tsallaka na biyu. Kullum a fara kwashe kashi da shebur zuwa wurin taki kafin a kawo ruwa. Hakan yana rage ruwan wanki sosai, ramin kuma ba ya saurin cika. Ruwan rufi a ba shi hanyarsa daban, in ba haka ba ruwan sama ɗaya na Agusta zai tumbatsa ramin.

Ruwan sha da na jiƙa jiki

Kwamin ruwa a ƙasa yakan zama wurin wanka da zarar zafi ya taso. Abin da ya fi shi ne ɗan bakin famfo na ƙarfe da alade ke cizawa ruwa ya fito, ana samunsa a shagunan kayan kiwo. A sa biyu a kowane ɗaki, a wurin ba-haya, daidai tsayin kafaɗar dabba, a riƙa ɗagawa yayin da suke girma. Ya riƙa ba da lita 1 zuwa 1.5 a minti. Agogon waya da gorar ruwa ta santilita 75 sun isa gwaji: ta cika cikin daƙiƙa 30 zuwa 45. In ta ɗauki fiye da minti guda, matatar ciki ta toshe ko tankin bai yi tsayi ba.

Babban alade kan sha wajen lita 10 a rana mai zafi, aladu 40 lita 400 ke nan ban da wanki. Tankin lita 1,000 na kwana ɗaya ne zuwa biyu. A yi masa rumfa, a binne bututu ko a bi da shi ta inuwa. Baƙin tiyo da ya yini a rana ruwan shayi yake kawowa, aladu kuma ƙin sha suke yi, mai su yana ganin famfo na aiki bai san ƙishirwa ke cinsu ba.

Jiƙa jiki shi ne maye gurbin gumin da dabbar ba ta da shi, kuma sanyin yana zuwa ne lokacin da ruwan ke bushewa a fata. Don haka a yayyafa na minti ɗaya ko biyu, a tsaya na minti 20 zuwa 30, a sake. Ƙaramin famfon sola da na'urar saita lokaci suna iya yin wannan da kansu daga hantsi zuwa la'asar, wanda ba shi da su kuma bokitin ban-ruwa ya wadatar. A yi yayyafin a kan wurin ba-haya kaɗai, da manyan ɗigo masu ratsa gashi. A Maris, da iska ke bushe, dabarar tana aiki ƙwarai. A Agusta, da iska ta cika da danshi, ruwa ba ya bushewa da wuri, motsin iska ne kawai ke taimako.

Uwa mai shayarwa matsalarta daban ce: ita tana son wajen digiri 20, jariranta a makon farko suna son sama da 30. Ba a yi musu yayyafi tare. Ita a ɗiga mata ruwa a wuya da kafaɗa, lita biyu zuwa uku a awa, su kuma a yi musu akwati mai rufi da busasshiyar shimfiɗa a kusurwa. Da hunturu a rataya labulen buhu ta arewa da gabas da dare, a naɗe shi da hantsi.

Yadda za a gane ginin yana aiki

Zafin da manhajar yanayi ke nunawa na gari ne, ba na ɗakin ba, kuma yawancin wayoyi ba su da abin auna zafin iska. Manhajojin da ke iƙirarin haka zafin batir suke karantawa ko su ɗauko daga intanet. A sayi ƙaramar na'urar auna zafi da danshi mai batir, wadda ke riƙe lamba mafi sama da mafi ƙasa ta yini. A rataya ta dab da saman bango inda baki ba zai kai ba, a ajiye wata a inuwar bishiya. Da ƙarfe uku na rana a kwatanta. Bambancin digiri ɗaya ko biyu ba laifi. Ya kai huɗu ko biyar, rufi ne ke gasa su ko iska ba ta fita.

Don sanin wanne ne, a kunna guntun kwalin ƙwai a cikin gwangwani, a tsaya a hanya nesa da zana, a ɗauki bidiyon hayaƙin. In ya miƙe ya fice ta doro ko ta gefe, iska na tafiya. In ya taru a ƙarƙashin rufi, tsagar ta yi kaɗan. Wari mai sa hawaye idan aka durƙusa daidai hancin dabba yana nufin bango ya tare iskar ƙasa.

Sauran bayanin a jikin aladun yake. A zaɓi wanda ke kwance, a ƙirga ɗagawar haƙarƙarinsa na daƙiƙa 30 a ninka biyu. Ashirin zuwa talatin a minti lafiya ce. Sama da 50 zafi ya kama shi. Wanda ke haki baki buɗe ya kasa tashi, a jiƙa shi da ruwa mai ɗan sanyi a hankali, ba na ƙanƙara ba, a yi masa fifita, a kira likitan dabbobi. Hoton ɗaki da ƙarfe biyu na rana da wani da asuba ma yana faɗin gaskiya: in da rana sun bar wurin kwana sun koma kan jiƙaƙƙen gefe, kashi kuma ya fara bayyana kusa da kwamin abinci, zafi ya fi ƙarfin ginin, in da asuba sun hau kan juna, sanyi ne, a sauke labule.

A ƙofar shiga a bar ɗan rami a daɓe, zurfin santimita 10, na maganin kashe ƙwayoyin cuta da za a tsoma takalmi, a ƙarƙashin rufi yadda ruwan sama ba zai tsarma shi ba. Zazzaɓin aladu na Afirka, wanda ya yi mummunar ɓarna a gonar Oke-Aro da ke iyakar Legas da Ogun a 2020, ba shi da magani, kuma takalmi, baro da tayar mota suna ɗaukarsa. Dillali ya tsaya a wajen shinge a fito masa da dabba. Duk wadda aka sayo daga kasuwa ta yi wata guda a wani ɗaki daban, nesa da waɗannan huɗun, da nata shebur da tsintsiya, kuma ita za a riƙa yi wa hidima a ƙarshe.